Siriri mai teɓa: ƙarfe zai ɗaga ko abinci zai rage?

Akwai wani irin jiki da ya yawaita a cikin birnin Kano, musamman a tsakanin masu sana'ar zama: 'yan waya a Farm Centre, masu tsaron shago a Kantin Kwari, ma'aikatan ofis, direbobin adaidaita sahu. Idan mutum ya saka kaftani, kowa siriri yake ganinsa, har gwaggonninsa na yi masa faɗan ba ya cin abinci. Amma idan ya tuɓe riga, sai ka ga damtse kamar na ɗan sakandare, ƙirji a shafe, kafaɗa a zube, sannan ga teɓa ta turo gaba, mai laushi, tana ninkewa bisa mazugin wando in ya zauna. Sikeli kuma ba ya nuna wata matsala. A hau a sauka, kilo sittin da 'yan kai ne.

Abin da ke fara zuwa ran mai irin wannan jiki shi ne rage abinci, tunda shi ne maganin tumbi da kowa ya sani. A daina tuwon dare, a rage shinkafa, a sayi shayin rage ƙiba. Ra'ayina shi ne ga wannan mutum, wannan hanya ta fi rauni. Ɗaga ƙarfe, tare da gyara abin da ke cikin kwano ba tare da an rage yawansa sosai ba, ya fi yi masa amfani nesa ba kusa ba. Dalilin yana cikin lissafi, don haka mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi ta hanyoyin biyu.

Mu ƙaddara saurayi ne ɗan shekara talatin, tsawonsa santimita 172, nauyinsa kilo 63, kewayen cikinsa a daidai cibiya santimita 88. Awon BMI, wato a raba nauyi da tsawo a mita sau biyu, zai ba shi 21.3. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 18.5 zuwa 24.9 a matsayin daidai, don haka a takarda lafiyarsa ƙalau. Amma akwai wani awon da ya fi BMI gaskiya a kan tumbi: kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Rabin 172 shi ne 86, shi kuwa yana da 88. Ya ɗan haura. Idan aka ce kitse ya kai kashi 24 cikin ɗari na jikinsa, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai wannan siffa, to yana ɗauke da kitse kusan kilo 15. Ragowar kilo 48 shi ne tsoka, ƙashi, kayan ciki, jini da ruwa.

A lura da kyau: kilo 15 na kitse ba wani abu mai yawa ba ne. Ɗan dakon Dawanau mai kilo 78 yana iya ɗauke da kitse kilo 15 ɗin nan daidai, kuma ba wanda zai ce yana da tumbi, domin kitsen ya bazu a kan faffaɗan baya, manyan cinyoyi da ƙirji mai kauri. Bambancin mutanen biyu yana cikin abin da ke ƙarƙashin kitsen. Ɗan dako yana da kilo 63 na abin da ba kitse ba, saurayinmu yana da 48. Abin da ya rasa ya fi abin da ya yi masa yawa, kuma rage abinci ba ya ƙara wa mutum abin da ya rasa.

Idan ya zaɓi rage abinci

Mu ce ya dage. Ya yanke kusan kalori 500, awon makamashin da abinci ke bayarwa, daga abincinsa a kullum, wato kamar ya bar kwano guda na shinkafa da mai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana riƙe da kalori kusan 7,700, don haka a wata uku zuwa huɗu zai iya sauke kilo biyar. Matsalar ita ce ba kitse zalla ne ke sauka ba. Abin da aka saba gani a masu rage abinci ba tare da motsa tsoka ba shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya tafi ba kitse ba ne. Kuma wannan kason yana ƙaruwa ga wanda tun asali ba shi da kitse mai yawa. Mai ƙiba sosai yana da ajiyar da jiki zai ɗiba a wadace. Siriri ajiyarsa kaɗan ce, sai jiki ya haɗa da tsoka, musamman tsokar da ya ga ba a aiki da ita.

To a cikin kilo biyar ɗin, mu ce uku da rabi kitse ne, ɗaya da rabi tsoka da ruwanta. Yanzu nauyinsa 58, kitse 11.5, sauran jiki 46.5. Kason kitse ya sauko zuwa kusan 20 cikin ɗari. Ciki ya ragu, wannan gaskiya ne, wando ya yi masa yawa. Amma fuska ta faɗa, wuya ya yi tsawo, agogo yana yawo a hannu, kuma teɓar tana nan, ta ƙanƙance ne kawai. 'Yan'uwa sun fara tambaya: "Yaya, lafiya kuwa? Ko zazzaɓi ka yi?"

Idan ya ce sai ya ga cikin ya shafe sarai, wanda ga yawancin maza yana faruwa ne in kitse ya sauko wajen kashi 15, to da wannan lissafi sai ya sauke kilo goma. Zai koma kilo 53, BMI ɗinsa 17.9, ƙasa da iyakar da ake kira rama. Ga mai kilo 95, rage abinci doguwar hanya ce mai faɗi, zai yi ta tafiya yana samun riba. Ga mai kilo 63, taku kaɗan zai yi ya ci karo da bango.

Sai kuma abin da ke biyo baya. Ba wanda ke dawwama a kan yunwa. Ranar da ya koma cin abincinsa na da, nauyi zai dawo, kuma tunda ba abin da ke kiran jiki ya gina tsoka, yawancin abin da zai dawo kitse ne. Duk wanda ya lura da jikinsa a watan azumi ya san wannan. Mutum kan ɗan rame, bayan sallah da 'yan makonni sikeli ya koma inda yake, tumbi ma ya koma. Wanda ya maimaita rage abinci mai tsanani sau da yawa ba tare da motsa tsoka ba yana iya ƙarewa da nauyinsa na farko, amma da tsoka ƙasa da ta farko. Wato ya ƙara zurfafa ainihin matsalar da ya fito magancewa.

Idan ya zaɓi ƙarfe

A nan saurayinmu yana da wata dama da ɗan dako ba shi da ita: sabon shiga ne. Jikin da bai taɓa ɗaga nauyi ba yana amsawa da sauri a shekarar farko. Namijin da ya yi horo yadda ya kamata, ya ci isasshen furotin, wato sinadarin gina jiki, ya yi barci, zai iya ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata a farkon tafiya, sannan abin ya yi ta raguwa. Mata kusan rabin haka. Kuma saboda yana da ɗan kitse a ajiye, jikinsa zai iya ɗibar makamashi daga nan ya gina tsokar, ba sai ya yi ta cika ciki ba. Wannan haɗuwa, tsoka na hawa kitse na sauka a lokaci guda, tana da wuya ga wanda ya daɗe yana horo, amma ga sabon shiga mai ɗan kitse abu ne da aka saba gani.

Mu ba shi wata shida, kuma kada mu yi masa alkawarin da ya wuce kima. Tsoka ta ƙaru da kilo uku, kitse ya ragu da biyu da rabi. Nauyinsa 63.5, kitse 12.5, sauran jiki 51. Kason kitse kusan 20 cikin ɗari, daidai da na wanda ya rage abinci. Amma ya fi wancan da kilo huɗu da rabi na abin da ba kitse ba, kuma a kafaɗa, baya, ƙirji da cinya suka zauna. Ciki ya ragu da 'yan santimitoci, kafaɗa ta buɗe, sai teɓar da ta rage ta daina zama abu na farko da ido ke faɗawa a kai. BMI ɗinsa bai motsa ba, don haka yana da sauran fili a gabansa. In ya so, daga baya ya yi wata biyu yana ɗan rage abinci alhali yana ci gaba da ɗaga ƙarfe, kuma wannan karon kusan kitse ne kaɗai zai sauka, domin jiki ba ya saurin cinye tsokar da ake sa wa aiki duk mako.

Waɗannan alƙaluma na misali ne, jikin kowa da irin amsarsa. Wani zai fi haka, wani ba zai kai ba. Amma alkiblar ba ta canzawa.

Akwai wata magana da masu horarwa ke yawan yi wadda ya kamata a rage mata gishiri, cewa tsoka tana ƙona kitse ko kana barci. Tana ƙonawa, amma kaɗan. Kilo ɗaya na tsoka a hutu yana cin kalori kusan 13 a rana, kilo ɗaya na kitse kusan 4 zuwa 5. Tsokar kilo uku da saurayinmu ya ƙara ba ta kai kalori 40 a rana ba, ko rabin cokalin man gyaɗa bai cika ba, tunda babban cokali guda kalori 120 ne. Shi kansa horon na sa'a ɗaya da wuya ya wuce kalori 200 zuwa 300. Duk wanda ya shiga ɗaga ƙarfe da tunanin ya samu lasisin shan lemon kwalba uku a rana zai sha mamaki.

Ribar tsoka ta gaskiya a wani wuri take. Bayan ka ci tuwo ko gurasa, sitacin yana komawa sukari ya shiga jini, kuma babban kaso na wannan sukari, idan sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini na aiki yadda ya kamata, tsoka ce ke kwashe shi ta adana. Tsoka ita ce rumbun sukarin jiki. Mai ƙaramin rumbu, wanda kuma ba a taɓa ɗibar abin da ke ciki saboda zama daga safe har magariba, amfanin gona kaɗan ne zai cika shi, ragowar kuma sai hanta ta mayar da shi kitse. Horo yana yin abu biyu: yana kwashe abin da ke cikin tsokar har ta buƙaci sabo, kuma a hankali yana faɗaɗa ta. Bayan horo guda, tsoka kan fi karɓar sukari har kwana ɗaya zuwa biyu. Rage abinci yana rage abin da ke shigowa, amma ba ya faɗaɗa rumbun. Ƙarancin tsoka na cikin abin da ya sa ake samun siririn mutum da ciwon sukari ko kitse a hanta, jama'a na mamaki, don an ɗauka ciwon masu ƙiba ne. A birnin da karin kumallo shayi ne mai sukari da burodi, rana shinkafa ko taliya, dare tuwo, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda rage abinci ya yi nasara

Ba a ce rage abinci ba shi da amfani ba. Ya fi sauri wajen rage kewayen ciki: a mako shida za ka ga bambanci a wando, alhali ƙarfe yana son wata uku kafin madubi ya ce komai. Ba ya buƙatar kuɗin wurin motsa jiki, ba ya cin lokaci, yana ma rage cefane. Kuma akwai wanda yake zaton yana cikin wannan rukuni alhali ya wuce shi. Idan BMI ɗinka ya haura 25, ko kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka da nisa, misali tsawo 172 ciki 98, to kitsenka ya yi yawa da gaske, sirantar hannu da ƙafa ce ke ruɗarka. Kai kana buƙatar rage abinci, amma ka haɗa da ƙarfe don ka tsare tsokar da kake da ita. Haka wanda likita ya gano masa kitse a hanta ko sukarinsa ya fara hawa, zai bi abin da likitan ya tsara masa.

Sannan ba kowane turarren ciki ba ne teɓa. Teɓa tana da laushi, kana iya damƙarta da hannu, kuma girmanta ɗaya safe da yamma. Cikin da ke kwanciya da safe ya kumbura bayan cin abinci, iska ce ko matsalar narkewar abinci. Cikin da ya yi tauri kamar ganga yana ƙaruwa alhali mutum na ramewa, ko aka ga ƙafa na kumbura ko ido ya yi rawaya, wannan na asibiti ne, domin ciwon hanta na tara ruwa a ciki. Wanda ke ramewa ba tare da ya rage abinci ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da gumin dare, shi ma gwaji yake buƙata kafin komai. Mace bayan haihuwa kuma tsokar gaban cikinta kan rabu biyu, ciki ya turo ko babu kitse, wata kuma ƙarin mahaifa ne. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai sikila da mai gwaiwa ko ƙaba su fara jin ta bakin likita kafin su taɓa nauyi.

Yadda horon yake a aikace

Kuskuren da na fi gani a wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa shi ne sabon shiga ya ƙare sa'arsa a kan damtse da motsa ciki. Damtse ƙaramar tsoka ce, ko ta ninka ba za ta canza lissafin da muka yi ba. Motsa ciki kuwa, a kwanta a tashi sau ɗari, yana ƙarfafa tsokar cikin amma ba ya cire kitsen da ke samanta. Jiki ba ya ɗibar kitse daga wurin da ake motsawa, daga ko'ina yake ɗiba, kuma ga maza na ƙasan cibiya yakan zama na ƙarshe. Kilo ukun da muke nema suna cikin manyan tsokoki: cinya, ɗuwawu, baya, ƙirji, kafaɗa.

Motsi biyar sun isa. Na farko tsugunno da nauyi a ƙirji ko a kafaɗa, a sauka har cinya ta daidaita da gwiwa, a miƙe. Na biyu ɗaga nauyi daga ƙasa, a tura ɗuwawu baya, gadon baya a miƙe, ba a gantsare ba kuma ba a lanƙwashe ba. Na uku turawa, ko dai a kifa a ƙasa ana tura jiki sama da hannu, ko a kwanta a benci ana tura ƙarfe. Na huɗu jawowa, a sunkuya a jawo nauyi zuwa haƙarƙari, ko a rataye a sanda ana jan jiki sama. Na biyar ɗaga nauyi daga kafaɗa zuwa saman kai. Kowanne a yi shi sau 8 zuwa 12 a jere, a huta minti biyu, a sake, har zagaye uku. Kwana uku a mako da hutun kwana ɗaya a tsakani, misali Asabar, Litinin, Laraba. Kwana biyu ma na aiki, shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya yi na ƙarfafa tsoka.

Abin da ke sa tsoka ta girma shi ne ƙarin nauyi a hankali, kuma a nan yawancin mutane ke tsayawa cak. Nauyin ya zama wanda in ka kai na goma kana jin saura biyu ko uku ka gaza. Ranar da ka iya 12 a duk zagaye ukun ba tare da jiki ya karkace ba, ka ƙara kilo ɗaya zuwa biyu da rabi, ka koma 8, ka sake hawa. Saurayinmu zai iya fara tsugunno da kilo 10 a ƙirji, a wata na uku yana kan 30, a wata na shida ƙarfe mai 50 a kafaɗa ba abin mamaki ba ne. Sai da littafi ko rubutu a waya, don ƙwaƙwalwa tana yi wa mutum ƙarya a kan abin da ya ɗaga makon jiya. Wanda ya shekara yana ɗaga gwangwanin siminti ɗaya, sau goma kullum, ya daina gina komai tun wata na biyu.

Wanda ba shi da kuɗin wurin motsa jiki, ko mace da ta fi son yi a gida, jarka ta wadatar a farko. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar 'yan garuwa mai lita 25 tana ba ka kowane nauyi daga kilo biyu zuwa ashirin da biyar, ƙari kuma kofi ne kawai za ka zuba. Iyakarta ita ce ƙafafu za su fi ƙarfinta cikin 'yan watanni, daga nan sai a koma tsugunno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ko a nemi ƙarfe na gaske. Matan da ke tsoron su zama kamar 'yan dambe su kwantar da hankali, wannan ba ya faruwa da kuskure, ko mazan da ke nemansa da gangan shekaru suke yi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, bayan asuba ko bayan isha'i ne lokacin horo, da ruwa a kusa. Tattaki ko hawa Dala da safe yana da kyau ga zuciya kuma yana taimakawa wajen rage kitsen ciki, a ci gaba da shi, amma ba ya maye gurbin nauyi.

Kwanon abinci

Zaɓar ƙarfe ba yana nufin a bar abinci yadda yake ba. Yawansa ne ba a taɓawa sosai, amma abin da ke ciki dole ya canza. Binciken da aka tattara a kan masu ɗaga nauyi ya nuna ribar furotin tana ƙaruwa har wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, bayan haka ƙarin ba ya yin wani tasiri sosai. Ga mai kilo 63, kusan giram 100 ke nan. Abincin da ya saba, shayi da burodi, shinkafa da mai da yaji, tuwo da miyar kuka da yankan nama ɗaya, da ƙyar ya ba shi rabin haka.

Ba sai ya sayi garin furotin na gwangwani ba. Ƙwai uku da safe giram 18 ne. Da rana garau-garau, amma wake ya rinjayi shinkafa, a rage man: cikakken kofin dafaffen wake yana ba da giram 13 zuwa 15. Awara da la'asar, yanka masu kauri da suka kai giram 150, za su ba da wajen 15 ko fiye, kuma da wuya a sami furotin da ya fi ta araha a garin nan. Da dare kifi ko nama kamar faɗin tafin hannu, giram 25. Kofin kindirmo ba sukari, 8. Hatsin da ke cikin tuwo, burodi da shinkafa zai cike ragowar. An kai ɗari ko kusa. In aljihu bai kai nama kullum ba, alale, ƙosai, waken suya da ƙuli-ƙuli suna rufe gurbi, kuma ko giram 80 aka samu, tsoka za ta ginu.

Don kada kalori ya haura, abin da za a cire shi ne wanda ba ya ƙosarwa kuma ba ya gina komai. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Sai sukarin shayi, na fura, na zoɓo da kunun aya, da man da ake malalawa a kan ɗanwake har ya kwanta a gindin kwano. Wanda ya cire waɗannan ya saka ƙwai da awara a madadinsu yana cin kusan adadin da ya saba, ba ya jin yunwa, kuma ya canza abin da jikinsa ke samu gaba ɗaya. Gyaɗa tana da furotin, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka a yi mata awo da tafin hannu. Barci kuma sa'a bakwai ne ko fiye. Mai hira a majalisa har ƙarfe ɗaya sannan ya tashi asuba yana tauye abin da ya wahala a kansa.

Gajerun hanyoyi biyu ake tallatawa masu wannan jiki, kuma duka biyun suna ƙara lalata shi. Shayin rage tumbi yawanci mai sa gudawa ne ko fitsari, ruwa yake fitarwa, kitse na nan. Ɗayan kuwa ya fi haɗari: ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsu. Wannan magani yana kumbura fuska, yana tara kitse a ciki, yana zaizaye tsokar hannu da cinya, yana ɗaga sukari da hawan jini. Siffar da mutum ke gudu ita yake sayowa da kuɗinsa. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, dainawa kwatsam na da nata haɗarin, likita ne zai sauke shi a hankali.

Yadda za ka gane ko abin na tafiya

Sikeli shi kaɗai zai yaudare ka a wannan hanya, tunda mun ga mutum ya canza sosai nauyinsa bai motsa da fiye da rabin kilo ba. Awo uku ake haɗawa. Tef ɗin tela a daidai cibiya, da safe kafin a ci komai, ba tare da an shanye ciki ba, sau ɗaya a mako. Littafin horo. Sannan sikeli. A makonnin farko ƙarfi zai yi tsalle alhali tsoka ba ta girma ba tukuna, jijiyoyi ne ke koyon aikin, don haka kada ka yanke hukunci kafin mako takwas zuwa goma sha biyu. Nauyi ma kan ɗan hau da kilo ɗaya a farko saboda ruwan da tsoka ke riƙewa, ba kitse ba ne.

Bayan wata biyu, idan nauyin da kake ɗagawa na ƙaruwa, ciki yana nan ko ya ragu da santimita ɗaya zuwa biyu, sikeli bai yi nisa ba, kada ka taɓa komai. Idan ƙarfi na ƙaruwa amma ciki ma na ƙaruwa, abinci ya yi yawa, ka rage kamar kalori 200, wato ka rage malmalar tuwo ko ka cire cokali biyu na mai. Idan ciki na raguwa da sauri, sikeli na sauka fiye da rabin kilo a mako, ƙarfe kuma ya ƙi ƙaruwa, to alama ce ta cewa ka koma rage abinci ba tare da ka sani ba, sai ka ƙara kwano. Idan kuwa ba abin da ya motsa, ba tef ba littafi, to kusan kullum nauyin ne ya yi sauƙi, ko kuma ana tsallake ranakun tsugunno. Tsamin jiki na kwana biyu bayan horo ba komai ba ne, yana raguwa da sabo. Ciwo mai suka a gwiwa, kafaɗa ko ƙugu a lokacin ɗagawa alama ce ta a sauke nauyin, a sa wanda ya iya ya duba yadda ake motsin kafin a ci gaba.